Maganin ƙarin jini da bitamin: Shin mai lafiya na buƙatarsu, kuma yaushe suke komawa illa?

A garuruwan arewacin Jihar Kano irin su Bichi da Dambatta da Makoda da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, da wuya a shiga kemis ba a tarar da kwalaben ƙarin jini da ƙwayoyin bitamin jere a kan kanta ba. Ranar kasuwa ma akan ga masu talla ɗauke da su a faranti ko a bayan babur. Ba a neman takardar likita kafin a sayar da su, kuma mai saye ba ya jin tsoron su kamar yadda yake jin tsoron sauran magunguna. A ganinsa ai abinci ne aka dunƙule a ƙwaya, idan bai ƙara ba to ba zai rage ba.

Cinikinsu ya fi tashi da damina, lokacin da noma ke cin ƙarfin mutane kuma zazzaɓin cizon sauro ke yawaita, sai kuma bayan azumi da lokacin da mace ta haihu ko amarya ke shirin biki. Wanda ya ji kasala ko jiri yakan yanke wa kansa hukunci cewa jininsa ne ya yi ƙasa, sai ya tafi kemis ya ce a haɗa masa na ƙarin jini.

Tambayar ita ce, babban mutum mai lafiya, wanda ke cin abincinsa yana aikinsa, yana buƙatar waɗannan ƙwayoyi? Amsar da manyan bincike suka bayar ita ce mafi yawan masu lafiya ba sa buƙata. Ƙwaya ɗaya ta maltibitamin a rana ba ta cika yin illa ba, amma kuma ba ta cika ƙara komai ba. Matsalar tana farawa ne idan aka ninka, ko aka haɗa kala uku ko huɗu a lokaci guda, ko kuma aka rufe wata cuta da su har ta yi nisa.

Abin da ke cikin kwalbar

Bitamin da jikin mutum ke buƙata guda 13 ne, kuma kaɗan yake buƙata daga kowanne. Ana auna su da miligiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram, wasu ma da abin da bai kai haka ba. Maltibitamin ƙwaya ce ko ruwan magani da aka tara yawancinsu a ciki, galibi tare da ma'adanai irin su zinki da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ayon.

Bitamin sun kasu gida biyu, kuma wannan rabon shi ne mabuɗin fahimtar haɗarinsu. Akwai masu narkewa a ruwa, wato bitamin C da dangin bitamin B. Idan sun wuce buƙata, ƙoda na fitar da yawancinsu a fitsari. Shi ya sa wanda ya sha bi-kwamfiles yake ganin fitsarinsa ya yi rawaya sosai. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin alamar magani na wanke ciwo, alhali rarar bitamin B2 ce da jiki bai buƙata ba take fita.

Sai kuma masu narkewa a mai, wato A da D da E da K. Waɗannan ba sa bin fitsari cikin sauƙi. Jiki na ajiye su a hanta da kitse, musamman A da D, har su taru su kai matakin guba. Ayon ma haka yake duk da cewa shi ba bitamin ba ne: jiki ba shi da wata hanya ta zubar da rararsa, abin da namiji ke rasawa a rana bai wuce kamar miligiram 1 ba.

Abin da bincike ya gano

An daɗe ana gwada ko shan maltibitamin kullum na tsawaita rai ko hana cututtuka. A shekarar 2024 masu bincike na Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar manya masu lafiya fiye da 390,000 na tsawon sama da shekara 20. Ba su ga wata shaida cewa masu shan maltibitamin kullum sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai ba.

Kafin nan, a 2012, an fitar da sakamakon gwajin da aka yi a kan likitoci maza 14,641 a Amurka, masu shekara 50 zuwa sama. An ba rabinsu maltibitamin, rabi kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su kimanin shekara 11. Kamuwa da ciwon daji ta ragu da kashi 8 cikin ɗari a wajen masu shan bitamin, amma ba a ga wani bambanci a bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A 2022 kwamitin ƙwararru da ke ba Amurka shawara kan rigakafin cututtuka ya duba dukkan irin waɗannan gwaje-gwaje, ya ce hujjar ba ta isa a shawarci masu lafiya su riƙa shan maltibitamin don kariya daga ciwon zuciya ko daji ba. Ya kuma ba da shawarar kada a sha ƙwayar beta-karotin ko ta bitamin E da wannan niyya.

Dalilin hana beta-karotin ya samo asali ne daga wani gwaji a ƙasar Finland da aka fitar a 1994. An ɗauki maza masu shan sigari kimanin 29,000, ana zaton ƙwayar za ta kare huhunsu. Sai aka samu akasin haka: ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda aka ba. Wani gwajin a Amurka, wanda ya haɗa beta-karotin da bitamin A mai yawa, dole aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa saboda ƙaruwar ta kai kashi 28. Sinadarin da ke da amfani a cikin karas da ganye ya zama cutarwa da aka tattara shi da yawa a ƙwaya.

Sai dai akwai abin lura. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen da yawancin mutane ke ƙoshi, kuma ƙauyen Kunchi ba birnin Amurka ba ne. A Najeriya ƙarancin jini gaskiya ne: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Amma darasin bai canja ba. Bitamin na gyara rashi ne. Wanda yake da rashi yana buƙatar a gano abin da ya rasa da dalilin rasa shi, wanda ba shi da rashi kuma ƙari ba ya ƙara masa ƙarfi.

Abin da gona ke bayarwa

Karkarar da ta kewaye birnin Kano na cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya yi rubutu mai yawa kan yadda manoman nan ke noma gona ɗaya kowace shekara da takin dabbobi, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, suna kuma barin kuka da ɗorawa da tsamiya a tsaye cikin gonaki. Wannan tsari shi ne ke cika kwanon abincin gidan manomi, kuma idan aka duba shi da idon masanin abinci, za a ga ya tanadi yawancin abin da ke cikin kwalbar kemis.

Gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba suna ba da bitamin B1 da B3 da ɗan ayon. Wake da gyaɗa da daddawa na ba da folet da ƙarin ayon. Zogale da rama da alayyafo da kabewa da mangwaro da manja na ɗauke da beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A gwargwadon buƙatarsa, shi ya sa ba a jin wanda kwaɗon zogale ya sa masa gubar bitamin A. Gwaba ɗaya matsakaiciya ta ishi babba bitamin C na yini guda, garin ƙwallon kuka ma yana da shi da yawa. Bitamin D kuwa fata ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta.

Bayan haka, tun 2002 doka ta wajabta a riƙa ƙara bitamin A a sukari da man girki da fulawar da kamfanoni ke sarrafawa a Najeriya, kuma alamar ido da ke jikin ledar ita ce shaidar hakan. Gishiri ma tun 1993 ake sa masa aidin.

Giɓin da aka fi samu a irin wannan abinci guda biyu ne. Na farko bitamin B12, wanda ba a samun sa sai a abin da ya fito daga dabba: nono, kindirmo, ƙwai, kifi da nama. Gidan da fura da nono ba ta yanke ba yana da kariya, amma wanda ya shafe shekaru daga tuwo sai tuwo zai iya rasa shi. Na biyu ayon. Akwai shi a hatsi da wake, amma wani sinadari da ke cikin dusarsu yana riƙe shi, sai hanji ya tsotsi kaɗan.

Gyaran wannan a kicin yake. Jiƙa hatsi har ya yi tsami, kamar yadda ake yin gasara ko kamun koko, yana rage sinadarin da ke riƙe ayon. Cin wake tare da abu mai bitamin C, kamar ɗanyen tumatir ko lemon tsami ko gwaba, yana ƙara yawan ayon da ke shiga jini. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka ya fi kyau a bar tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi wanda rana ta ƙona riƙe beta-karotin, kuma yawan kanwa a girki na lalata bitamin B1 da C.

Bitamin A: mai taruwa a hanta

A jikin kwalba ana rubuta yawan bitamin A da ma'aunin IU. Namiji babba na buƙatar kimanin IU 3,000 a rana, mace kuma kimanin 2,300. Iyakar da masana suka sa wa babba ita ce IU 10,000 a rana na nau'in da ake kira retinol, wanda ke cikin ƙwayoyi da man kifi da hanta. Tazarar da ke tsakanin buƙata da iyaka ke nan ba ta da faɗi, ninki uku ne da ɗoriya.

Wanda ya shafe watanni yana wuce iyakar zai iya fara ciwon kai mai naci, bushewar fata, tsagewar leɓe, zubewar gashi, ciwon ƙashi da dishi-dishin gani. Abin damuwa shi ne waɗannan alamu sun yi kama da wahalar hunturu ko gajiyar aiki, sai mutum ya ƙara shan abin da ke jawo masa su. A ƙarshe hanta ce ke ɗaukar nauyin. A ƙasar da binciken 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, da yawa ba tare da sun sani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗarin ya fi tsanani ga mace mai sabon ciki. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 1995 ya nuna matan da ke shan fiye da IU 10,000 a rana daga ƙwayoyi sun fi haifar jarirai masu nakasa a fuska da zuciya da ƙwaƙwalwa, musamman idan sun sha a makonnin farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba.

Nan ne ya kamata a fahimci ƙwayoyin bitamin A da ake ɗiga wa yara a makon lafiyar uwa da yaro. Shuɗiyar tana da IU 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, jar kuma 200,000 ga ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Ana ba su sau ɗaya a cikin wata huɗu zuwa shida, hanta ta ajiye tana sakin kaɗan-kaɗan, kuma suna ceton rayukan yara. Amma jar guda ɗaya ta ninka iyakar babba ta yini sau 20. Ba ta babba ba ce, ba ta gyaran fata ba ce, kuma mai ciki kada ta kusance ta. Hantar sa ma dafaffiya, giram 100 ya haura ninki biyu na iyakar yini. Ci ɗaya da Sallar Layya ba komai ga mai lafiya, amma mai ciki ta guji yawaita ta.

B6 da ayon

Bitamin B6 shi ne ya karya zancen cewa duk mai narkewa a ruwa ba ya illa. Babba na buƙatar kimanin miligiram 1.3 a rana. Amurka ta sa iyakarsa a miligiram 100, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai kuma ta saukar da tata zuwa 12 a 2023. Amma wasu ƙwayoyin da ake sayarwa a matsayin maganin jijiya suna ɗauke da miligiram 100 zuwa 200 a ƙwaya ɗaya. Shan irin wannan na tsawon watanni na iya lalata jijiyoyin ji, sai tafin ƙafa da yatsu su riƙa yin zugi ko mutuwa, tafiya ta fara tangaɗi. Waɗannan su ne ainihin alamun da ake sayen maganin dominsu, don haka mai sha kan ƙara yawa maimakon ya daina. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama. Idan an daina da wuri yawanci jijiyoyin na farfaɗowa a hankali, idan an makara kuma wani lahanin kan zauna.

Ayon kuwa shi ne zuciyar abin da ake kira ƙarin jini. Namiji na buƙatar miligiram 8 a rana, mace mai jinin al'ada 18, mai ciki 27, iyakar mai lafiya kuma 45. Ƙaramar ƙwayar nan ta feros salfet mai miligiram 200 tana ɗauke da zallar ayon kimanin miligiram 65, wato ita kaɗai ta wuce iyakar. Ga wanda gwaji ya tabbatar yana da ƙarancin ayon wannan magani ne, kuma likita na sane yake wuce iyakar na ɗan lokaci. Ga wanda ba shi da rashi, abin da zai samu shi ne tashin zuciya, ciwon ciki, taurin bayan gida da baƙin kashi. Ayon na kuma hana hanji tsotse wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kamar sifro da ake ba masu taifot, idan an sha su tare.

Babban haɗarinsa a gida yana kan yara. Ƙwayoyin suna da launi da santsi kamar alewa. Yaro mai nauyin kilo 10, wato ɗan shekara ɗaya da wani abu, idan ya haɗiye huɗu zai iya fara amai da gudawa, goma kuwa sun isa su kai shi ga halaka. Gubar tana da yaudara: bayan amai na awannin farko, yaron kan yi kamar ya warke na wasu awanni, daga baya jini ya faɗi, hanta ta gaza. Duk yaron da ake zargin ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da ledar maganin ko da yana wasa, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Yadda lissafin ke haurawa

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 40 da ya ji kasala a tsakiyar damina. Ya sayi maltibitamin wanda takardarsa ta nuna kowace ƙwaya na da bitamin A IU 5,000 da ayon miligiram 15 da B6 miligiram 2. An rubuta ɗaya a rana, shi kuma yana shan biyu don ya yi saurin murmurewa. Aka ƙara masa feros salfet sau uku a rana. Saboda ƙafarsa na zugi, aka haɗa masa maganin jijiya mai B6 miligiram 100, safe da yamma. Wani abokinsa kuma ya ba shi shawarar ƙaramin cokali na man hantar kifi, wanda ke da bitamin A kimanin IU 4,500.

Ga abin da ke shiga cikinsa a yini. Bitamin A: 10,000 daga ƙwaya biyu da 4,500 daga man kifi, jimilla 14,500, alhali buƙatarsa 3,000 ce, iyaka kuma 10,000. Ayon: 30 daga maltibitamin da 195 daga feros salfet, jimilla miligiram 225, ninki biyar na iyakar. B6: miligiram 204, ninki biyu na iyakar Amurka, ninki 17 na ta Turai. Duk wannan ba a sa abincin da ya ci a lissafi ba.

Babu ko ɗaya daga cikin magungunan nan da yake jabu, kuma kowanne na iya ɗauke da lambar NAFDAC. Lambar na nuna an yi wa maganin rajista ne, ba ta nuna cewa wannan mutumin yana buƙatarsa, ko cewa haɗa shi da wasu uku ba matsala. Sati ɗaya a haka wataƙila ciwon ciki kawai zai ji. Wata shida a haka, hantarsa da jijiyoyinsa na cikin haɗari, kuma har yanzu ba wanda ya binciki dalilin kasalar.

Kasala alama ce, ba cuta ba

Wannan shi ne asarar da ta fi kuɗin maganin girma. Ƙarancin jini yana da dalilai da yawa a karkarar Kano. Zazzaɓin cizon sauro na farfasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki na tsotsar jini ta hanji. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance, barazana ce ga masu noman rani da kamun kifi a bakin madatsun ruwa irin su Thomas da Watari, kuma tana zubar da jini ta fitsari. Gyambon ciki da basir mai jini da yawan jinin al'ada su ma suna rage shi. Namiji babba ko macen da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin ayon, likita kan fara neman inda jini ke zuba ne, domin wani lokaci ciwon dajin hanji ne ke sanar da kansa ta haka. Zuba ƙarin jini ba tare da gano ɓular ba kamar ɗura ruwa ne a tulun da ya tsage.

Kasala kuma ba koyaushe daga jini take ba. Ciwon sukari da hawan jini da ciwon ƙoda da tarin fuka duk suna farawa da gajiya. Gwajin yawan jini, wanda ake kira PCV ko himogulobin, ɗigon jini kaɗan yake buƙata, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin na Bichi da Dambatta da ɗakunan gwaji da dama. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, himogulobin ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ko ƙasa da 11 ga mai ciki a watanni uku na farko da na ƙarshe, da ƙasa da 10.5 a watanni uku na tsakiya, shi ne ƙarancin jini.

Allurar bi-kwamfiles da ƙarin ruwa mai launin rawaya da wasu ke nema don samun ƙarfi ba su fi ƙwaya amfani ga mai iya cin abinci ba. Abin da suke ƙarawa shi ne haɗarin ƙurji a wurin allura, kamuwa da cuta idan kayan ba su da tsafta, da kuma mummunar borin jini da kan zo nan take ga wasu, duk da ba a cika samun haka ba. Haka kuma wasu ruwan bitamin da ake sha don buɗe ciki da ƙiba suna haɗe da maganin ƙaiƙayi mai suna saifuroheftadin. Shi ne ke sa yunwa da barci, ba bitamin ɗin ba, kuma barcin nan haɗari ne ga mai tuƙa babur ko mota.

Waɗanda ke buƙata da gaske

Mai ciki ce a sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum. Folik asid na kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, wadda ke faruwa a watan farko, shi ya sa ya fi kyau mace ta fara shan sa tun tana shirin ɗaukar ciki. A wasu wuraren awo yanzu ana ba da ƙwayar MMS mai sinadarai 15, wadda aka auna ta daidai da buƙatar mai ciki. Wadda aka ba ta wannan ba ta buƙatar ɗora wani maltibitamin daga kemis.

Masu sikila ana ba su folik asid, amma kada su sha ayon sai da gwaji, domin wanda ake yawan ƙara masa jini ayon kan yi masa yawa ne. Mai shan maganin tarin fuka akan haɗa masa B6 kaɗan don kare jijiyoyi. Mai ciwon sukari da ya daɗe a kan metfomin da kuma tsofaffi kan iya samun ƙarancin B12. Macen da ba ta cika fita rana ba za ta iya rasa bitamin D. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ko yake fama da yunwa ta gaske shi ma yana iya amfana. A duk waɗannan akwai sanannen dalili, da adadi, da ranar dainawa ko sake gwaji.

Wanda ya ga lallai sai ya sha, ya tsaya a kala ɗaya, ƙwaya ɗaya a rana, wadda adadin da ke jikinta bai wuce buƙatar yini ba. Namiji ya zaɓi marar ayon, mai shan sigari ya guji mai beta-karotin da yawa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba suna, da waɗanda suka wuni a rana a farantin talla. Idan za a je asibiti a tafi da duk kwalaben da ake sha, har da na gargajiya. Wanda kuma ya fara jin mutuwar yatsu, ko ciwon kai mai naci, ko idonsa ya yi rawaya alhali yana shan waɗannan ƙwayoyi, ya dakatar da su ya nemi a duba shi.